Sanarwar rushewar sikafol a wurin aikinmu na Tumfure, Gombe

Assalamu alaikum Yallabai, barka da aiki, ya iyali.

Ni ne ɗan kwangilar da ke gina shaguna da ofisoshi mai hawa uku a Tumfure kan hanyar Biu, wanda kuka yi wa inshorar kwangila a watan Fabrairu, kuɗin shekara kuma mun biya gaba ɗaya tun lokacin, rasit na hannuna. Na kira ka jiya da daddare ban samu ba shi ya sa na ce bari in rubuta, dama takardarku ta ce a sanar nan take kuma kar a wuce kwana 14.

Jiya Talata wajen ƙarfe 3:40 na yamma sikafol ɗin ɓangaren gabas ya zube tun daga hawa na uku har ƙasa, faɗinsa kusan mita 18. Ana filasta ne a lokacin. Hadari ya taso da iska mai ƙarfi, foman ya ce kowa ya sauko, wasu sun sauko wasu na kan hanya abin ya tafi da su. Iskar ce kaɗai ko ƙasan ƙafafun ne ya jiƙe ya lotsa saboda ruwan Lahadi, wannan injiniyanmu yana dubawa, ba zan riga shi magana ba.

Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Mutum huɗu suka ji ciwo. Birkila ɗaya ya karye a cinya, an kwantar da shi, likita ya ce sai an yi aiki. Lebura biyu sun samu rauni a ka da kafaɗa, an yi musu ɗinki an sallame su da daddare. Waɗannan ukun ma'aikatana ne, na san lamarinsu ba ya ƙarƙashin wannan inshorar, na NSITF ne bisa dokar diyyar ma'aikata ta 2010, kuma za mu kai rahoto can cikin kwana 7. Na huɗun shi ne naku, wani mai Keke Napep ne da ya faka a bakin katanga yana jiran fasinja, fayif ya sauka a kan keken ya karya masa hannu, rufin keken da gilashin gaba sun tashi aiki. Mun biya Naira 185,000 a asibiti don a fara duba shi, wannan tausayi ne kawai, ka san ba a barin mutum kwance ana jiran takarda. Ƴan uwansa sun zo da safe har da wani kawunsa suna maganar diyya da kuɗin balas ɗin da yake kai wa wanda ya ba shi keken kullum, na ba su haƙuri na ce maganar tana wurin inshora. Ban amsa laifi ba, ban sa hannu a komai ba, amma gaskiya ba zan iya ta juya su ba har mako ya zagayo, unguwa ɗaya muke sallah.

Ɓarnar da muka ƙirga zuwa yanzu: fayif da allunan sikafol kusan rabi sun lanƙwashe (hayar su muka yi, a duba min ko suna cikin kayan aikin da aka lissafa), tagogin alminiyam 9, bangon bulo na saman bene wajen mita 6, siminti na Ashaka buhu 40 da ruwa ya shiga bayan rumfar ta faɗi, sai katangar maƙwabci da ta tsage. A ƙiyasin farko abin zai kai Naira miliyan 11 ban da kuɗin kwashe ɓaraguzai, kuma na san akwai kason farko da ni zan ɗauka. Lissafin ƙarshe sai mai awon gini ya gama nasa.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta hana ni barci. Ƙarshen Satumba ya kamata mu miƙa makulli, yanzu ko yau aka ba mu izini sai mun yi asarar mako 4 zuwa 5, ga tarar jinkiri ta Naira 250,000 duk mako a yarjejeniyarmu da mai gini. Na karanta inda kuka cire tarar jinkiri daga abin da kuke biya, to amma a tabbatar min a rubuce, domin da shi da rahoton mai kimanta asararku zan nemi ƙarin wa'adi.

Mun killace wurin, mun tokare abin da ya rage don kar ya sake faɗa wa wani, ban da haka ko ƙusa ba a ɗauke ba. An sanar da ƴan sanda. Hotuna 32, bidiyo, rajistar ma'aikatan ranar da rasit na asibiti duk na haɗo su da wannan saƙon.

Don Allah a turo mai kimanta asara kafin Juma'a, a aiko da fom da lambar fayil, a kuma faɗa min wanda ƴan uwan mai keken za su gani. Ina wurin aikin kullum daga 7 na safe har magariba.

Na gode, a huta lafiya.

Manajan darakta, kamfanin da ke riƙe da kwangilar