Rubutun bidiyo: Yadda ake saka zif a bayan rigar atamfa ya kwanta lif

MAFARI (daƙiƙa 0 zuwa 10)

[Kyamara a kan bayan wata doguwar riga da ke rataye. Zif ɗinta ya yi tudu da kwari. Tela ta bi shi da yatsa daga wuya zuwa ƙugu.]

TELA: Kin ga wannan? Yadi shida na atamfa aka kawo miki, kin yanka daidai, ɗinki ya fito, sai zif ya tsaya yana lanƙwasa kamar maciji. Mai kaya ba za ta kalli hannu ko wuya ba, bayan nan za ta fara dubawa. Assalamu alaikum 'yan'uwana masu ɗinki, ku matso ku ga maganinsa.

TSAKIYA (daƙiƙa 10 zuwa minti 2 da rabi)

[Tela a gaban baƙin keke. Ta ja bakin atamfa da hannu biyu, sannan ta ja zif.]

TELA: Duba da kyau. Atamfa tana miƙewa idan an ja ta, zif kuwa ba ya miƙewa. In kika ja yadin kina ɗinki, kin ɗinke shi ne a miƙe, da kin sake shi sai ya tattare ya ɗaga zif. Laifin ba na keke ba ne, kuma ba na mai sayar da zif ba ne. Aikinmu yau shi ne mu hana yadin nan miƙewa.

[Kusa da teburin guga.]

TELA: Ki yanko gam mai laushi, wanda ake liƙawa da dutsen guga, faɗin inci 1, tsawon wurin zif. Ki liƙa shi ta ciki a bakin kowane ɓari. Danna dutsen za ki yi ki ɗaga, kada ki goga shi gaba da baya. Na san lokacin ɗinkin Sallah hannu yana sauri, amma don Allah kada ki tsallake wannan.

[Komawa kan keke. Alamar alli a inda zif zai tsaya.]

TELA: Yanzu ki haɗa ɓari biyun fuska da fuska, ki bar inci 1 na bakin ɗinki. Daga ƙasan riga zuwa alamar alli, ɗinki na yau da kullum, ki koma baya ki ƙulle. Daga alli zuwa wuya, ki buɗe tsawon ɗinki har ƙarshe, don wannan na wucin gadi ne, za mu farke shi. Ki buɗe bakin ɗinkin ki goge ya kwanta.

[Ta ɗora zif a kife a kan ɗinkin.]

TELA: Ki kifa zif, haƙoransa su hau kan layin ɗinkin daidai. Ni nakan sayi wanda ya fi wurin tsawo da inci 2, in bar kansa ya leƙo sama da wuya, don kada ya tare mini ƙafar keke. Ki ɗauki allurar hannu ki kama shi da dogon ɗinki gefe biyu. Fil yana zamewa, zare ba ya zamewa.

[Ta canza ƙafar keke, ta juya rigar.]

TELA: Ki saka siririyar ƙafa ta zif, ki juya rigar ta fuska. Ki ɗinka ƙasan zif a gicciye, sannan ki hau sama, kwatan inci daga layin tsakiya. To ga inda da yawa suke kuskure: in kin kai wuya, kada ki juya ki gangaro ta ɗaya gefen. Ki yanke zare, ki koma ƙasa, ki sake hawa. Duk gefen biyu daga ƙasa zuwa sama, don in ɗaya ya hau ɗaya ya sauka, zanen atamfar zai goce. Hannunki kuma rakiya kawai yake yi, keke ne zai ja.

[Ta farke ɗinkin wucin gadi, ta zuge zif ƙasa.]

TELA: Ki farke a hankali. Ki sauke kan zif, ki ɗaure saman haƙoran kowane gefe da zare kafin ki yanke ragowar, in ba haka ba kan zai fice a hannunki. Wajen guga ki shimfiɗa ƙyalle a kai, zafi yana narkar da haƙoran roba.

RUFEWA (daƙiƙa 20 na ƙarshe)

[Ta ɗaga rigar, ta zuge zif sama da ƙasa sau biyu, sannan ta kalli kyamara.]

TELA: Masha Allah, ya kwanta. Kafin ki taɓa kayan mutane, ki gwada yau a kan ragowar yadi. Ki ajiye bidiyon nan a wayarki, ki tura wa ƙanwarki ko ƙawarki da ke koyon ɗinki, sannan ki danna Follow, don ranar Asabar in sha Allahu za mu saka shafi a wannan rigar ba tare da ya shiga haƙoran zif ba. Allah ya sa albarka a sana'armu.