Barka da Buɗe Shago, Habibu

Daga amininka Nasiru

Assalamu alaikum, Malam Habibu.

Barka da arziki, barka da buɗe shago! Tun jiya da na baro wurinka nake ta murmushi ni kaɗai. A cikin taron nan na so in riƙe hannunka in faɗa maka abin da ke raina, to amma jama'a sun yi yawa, wannan ya ja ka nan wancan ya ja ka can, abin da na samu kawai shi ne mu gaisa in ce Allah ya sa albarka. Shi ya sa na zauna yau na rubuto maka a tsanake.

Da na shigo na ga kekunan ɗinki 3 a jere, ga teburin yanka, ga dutsen guga a gefe, ga zare kala-kala a kan kanta, sai zuciyata ta koma shekara 9 baya, ranar da ka ce mini za ka fara koyon ɗinki. Ka tuna watannin farko? Maigidanka bai bar ka ka taɓa keke ba. Shara, guga, ɗinka maɓalli, sai aike. Kana dawowa da yamma yatsunka duk sukar allura, amma ban taɓa jin ka ce ka gaji za ka bari ba. Da aka fara ba ka keke, ƙyallayen da aka zubar kake tsincewa kana gwada kalmasa a kansu har layin ya miƙe. Akwai wata rana da na same ka kana farke wuyan riga karo na uku, na ce maka ai mai rigar ba zai ma lura ba. Ka ɗago kai ka ce, "Ni na lura." Wallahi maganar nan ba ta bar kaina ba har yau.

Kuma na san yadda aka tara jarin nan. Ba gado ka ci ba, ba kuma wani ne ya ɗauko ya damƙa maka ba. Keken farko na hannu ka saya, ka gyara shi da kanka, ka ajiye shi a lungun ɗakinka kana karɓar gyare-gyare da dare bayan ka tashi daga wurin maigida: rage tsawon wando, canza zif, cin baki. Abin da ya shigo ka raba, kaɗan na buƙata, saura a ajiye. Mu da muke tare da kai mun ga abubuwan da ka haƙura da su a shekarun nan. Don haka da na ga mabuɗin shagon a hannunka jiya, na san nauyinsa.

Abin da ya fi taɓa ni a taron shi ne zuwan maigidanka. Dattijon nan ya tako da ƙafarsa, ya zauna a kan keken tsakiya, ya murza shi ya saurari ƙararsa, sannan ya ɗaga hannu ya sa maka albarka. Ba kowane yaro ne ke rabuwa da ubangidansa a samu haka ba. Da yawa sukan tafi da rigima, wasu har su janye masu kawo ɗinki su bar mai shago da hamma. Kai ka nemi izini, ka jira aka sallame ka, ka fita ta ƙofa. Ka riƙe mutumin nan da kyau, ka riƙa leƙa shi ko babu dalili.

Yanzu ka bar ni in yi maka karambani irin na aboki, ko da yake ka fi ni sanin sana'arka nesa ba kusa ba. Ka san abin da mutane suka fi kuka da shi game da tela: alƙawari. A ce gobe, goben ta zama jibi, jibin ta zama mako. Ɗinkinka ba ni da shakka a kansa, wanda ya sa rigarka sau ɗaya zai dawo. Inda nake jin tsoro shi ne ranar da aiki zai yi maka yawa, yadi ya taru har ya kai rufi, kowa yana miƙo kafin alƙalami yana roƙo. A ranar ka iya cewa, "Ba zan iya gamawa a lokacin da kake so ba." Mutum zai ji haushi na minti biyar ya tafi, amma zai faɗa wa wasu cewa Habibu in ya ce Talata, to Talata ce.

Sai maganar bashi, kuma da mu nake, mu abokanka da 'yan uwa. Mu ne za mu fara zuwa da fara'a mu ce a ɗinka, a kawo kuɗi ƙarshen wata. Kada kunya ta sa ka cinye uwar kuɗi. Ka samu littafi ka riƙa rubuta komai: awon kowa, ranar karɓa, abin da aka bayar da abin da ya rage. Aljihun shago daban, aljihun gida daban. Ka yanka wa kanka abin da za ka riƙa ɗauka, ka ware na haya da na gyaran keke tun kafin lokacinsu ya zo. Ni dai na riga na yi niyya, yadina yana nan zuwa ranar Asabar, kuma da kuɗina cif zan zo, ba na neman ragi.

Yaran nan 2 da ka ɗauka, na ga yadda suke kallon hannunka in ka ɗauki almakashi. Ka koya musu da zuciya ɗaya kamar yadda aka koya maka, har da sirrin yanka, kada ka ɓoye musu komai. In sun ɓata yadi ka yi faɗa, amma ka ja su gefe, ban da gaban masu kawo aiki.

Za a yi ranakun da za ka buɗe tun safe har yamma ba wanda ya leƙo. Kowane sabon shago yana ganin irinsu. In sun zo kada ka zauna kana ƙirga asara kai kaɗai, ka kira ni in zo mu yi hira kana ɗinka samfurin da za ka rataya a ƙofa.

Ka gaishe mini da Mama. Na gan ta jiya a kujerar bakin ƙofa tana share ido da gefen mayafi, duk wanda ya shigo sai ta ce masa, "Shagon ɗana ne." Ka gaida uwargida, ita ma ta sha haƙuri da ƙarar keke cikin dare, yau ga ranar da aka yi wa haƙurin.

Allah ya sa ka buɗe a sa'a. Allah ya kawo kasuwa mai albarka, ya haɗa ka da abokan hulɗa na gari, ya tsare ka da kayanka daga gobara, ɓarawo da mugun ido. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya ƙara wa hannunka lafiya, ya sa nan da 'yan shekaru mu dawo taya ka murnar buɗe na biyu. Amin.

Mutane da yawa jiya suna ta mamakin yadda ka kai nan. Ni kam ban yi mamaki ba, domin ina tsaye a kanka ranar da kake farke wuyan rigar nan karo na uku. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.