Layi na 41

Ƙarfe tara na dare ta wuce amma Zainab tana ofis a Zoo Road, janareto na ta ruri, kowa ya tafi sai ita da Malam Sani maigadi. Wata huɗu kenan da ɗaukarta aiki a matsayin akanta, gobe ƙarfe goma kuma daraktoci za su zauna kan kasafin kuɗin baɗi.

Ita dai dubawa ta ƙarshe take yi kafin ta buga takardu, sai taga jimlar kuɗin da za a kashe ta yi ƙasa da ta bana, alhali dizal kullum tashi yake. Ta danna gidan jimlar a Excel taga =SUM(D5:D40), nan take gabanta ya faɗi don layin dizal da na gyaran motoci a 41 da 42 suke, an ƙara su daga baya ba'a jawo lissafin ya haɗa dasu ba. Naira miliyan 38 ba sa ciki, ribar nan da ake ta murna rabinta babu.

Kuma oganta Alhaji Bashir ne ya haɗa fayil ɗin da hannunsa.

Ta daɗe riƙe da waya kafin ta kira.

"Ranka ya daɗe kayi haƙuri da kiran dare, jimlar D43 ce bata ɗauko dizal ba."

Yayi shiru, tana jin yana buɗe kwamfuta.

"Innalillahi. Jawo lissafin ya kai D42 ki turo min yanzu, kar ki buga komai. Kin ci abinci kuwa?"

"A'a yallaɓai."

"To ki ce Sani ya samo miki shayi da burodi, gani nan zuwa mu sake lissafin ribar tare."