Gado Na Bakwai

Ƙarfe huɗu da kwata na asuba Sista Binta ta yage takarda ta uku ta cusa a aljihun rigarta. Biro na rubutu lafiya lau, ita ce dai ta kasa wuce sallama.

Ɗakin maza ya yi tsit, in ban da tarin wani tsoho can ƙurya da ƙarar fanka ɗaya da ta rage tana juyawa. 'Yan jinya sun baje tabarmi a baranda, kowa ya yi matashi da takalminsa. Gado na bakwai kuwa babu kowa. An naɗe zanin gadon, sai katifar roba tana ƙyalli da ruwan maganin da aka goge ta da shi. Ƙarfe uku saura likita ya zo ya duba Malam Sale, ya rubuta lokaci a folda, ya ce Allah ya jiƙansa, masu turo gado suka wuce da shi mutuware.

Da bara ne, kira ɗaya ya wadatar. Amma tun watan Satumban 2021 ɗin nan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Batsari na ciki. Lambar da ɗansa Lawal ya bari a bangon folda ta zama ado. Saƙo sai dai a bakin direba ko a takarda, kamar zamanin kakanni.

Kwana biyar ke nan da Lawal ya kawo shi. Ciwon suga ne, da gyambon da ya faro daga sukar ƙaya a gona, aka yi ta ɗaura masa ganye har yatsu suka yi baƙi. Likita ya ce sai an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Lawal ya ji kuɗin aiki da na jini, ya sunkuyar da kai, ya ce zai je gida ya sayar da sa ya dawo jibi. Ya manta, ko ya ƙi tunawa, cewa an hana cinikin dabbobi a kasuwar Batsari. Jibi ta zo ta wuce.

Sista Binta ta san takardar ba Lawal kaɗai zai ji ta ba. Malamin firamare za a kira ya karanta a zaure, da ƙarfi, gaban ƙannen mamaci, tsohuwa kuma na saurare daga bayan danga. Kuma ta san tambayar da za a fara yi kafin a tambayi komai: ya cika da kalmar shahada?

Nan ne biron ke tsayawa. Ba ta wurin. Ƙarfe biyu ta auna shi, jiki zafi rau, jini ya yi ƙasa, ta ƙara gudun ruwan da ke hannunsa ta aika a kira likita. Sai yaron gado na biyu ya fara jijjiga, ta ruga. Ita kaɗai ce da gado ashirin da huɗu. Ko da ta dawo, Malam Sale ya juya fuska wajen bango, carbinsa ya zame ƙasa.

A takarda ta biyu ta rubuta cewa ya cika da shahada a gabanta. Ta karanta layin sau biyu, ya yi daɗi ƙwarai, ta yage.

Ta tashi ta fita baranda, ta durƙusa kusa da wani yaro ɗan shekara goma sha uku mai jinyar babansa a gado na takwas. Idonsa biyu.

"Ƙanena, kana kusa da Baba lokacin?"

"Ina nan, Anti. Ya ce in ba shi ruwa, na ɗiga mashi da cokali."

"Ya yi magana bayan nan?"

Yaron ya yi shiru yana tunani. "Bakinshi na motsi. Ya ɗaga wannan yatsan." Ya nuna manuniyarsa ta dama. "Amma ban ji mi yake cewa ba."

Ta dafa kansa ta koma tebur. Wannan karon ba ta tsaya ba.

"Assalamu alaikum. Zuwa ga Malam Lawal da Inna da dukan iyalan Malam Sale.

"Bayan gaisuwa, ni ce Binta, ma'aikaciyar jinyar da ke kwana a ɗakin da Baba yake. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Baba rasuwa a daren nan, wajen ƙarfe biyu da rabi. Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri.

"Lokacin da ya cika ina kan wani marar lafiya, ban tsaya a kansa ba, ina neman ku yafe mini. Amma ba shi kaɗai ba ne. Wani yaro ya ba shi ruwa ya sha, ya ga bakinsa na motsi, ya ga ya ɗaga manuniya. Abin da aka gani ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba. Ni kuma shaida ce, kwana biyar ɗin nan bai bar salla ba, a kwance yake taimama ya yi.

"Malam Lawal, kada ka ɗora wa kanka. Tun ranar da ka kawo shi ruɓar ta riga ta shiga jini, yana rubuce a takardunsa. Bai yi fushi da kai ba. Jiya bayan isha ya kira ni ya ce, ɗiyata, in yaron nan ya zo ba na nan, ki ce mashi in bai saida san nan ba ya bar shi, da shi za su yi huɗa baɗi. Ya kuma ce mai shagon bakin masallaci na bin sa naira dubu huɗu na taki, a biya kafin a raba komai.

"Gawa na mutuware. Ku zo da katin asibitinsa, ku biyo motar da ta fi sauri. Carbinsa da hularsa da rediyo da naira 1,350 suna hannun shugabar ɗaki. Inna, ya ambace ki da alheri."

A layin ƙarshe ta ɗan dakata. Abin da ya faɗa shi ne kunun asibiti bai kama ƙafar na tsohuwarsa ba, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ta soke layin da biro, ta rubuta maganar yadda ya faɗe ta.

An kira assalatu daga masallatan cikin gari, ɗaya na karɓa wa ɗaya. Ta ninke takardar gida huɗu. Babu ambulan, sai ta sa ta cikin ledar magani ta liƙe da filasta, ta rubuta sunan ƙauyen a kai da manyan baƙaƙe. Ta yi salla a bayan tebur, ta zagaya da maganin ƙarfe shida, ta canja wa gado na biyu ruwa.

Gari na wayewa ta sami Baba maigadi a bakin ƙofa yana shan koko.

"Baba, don Allah a kai tashar Batsari, wajen Ƙofar 'Yanɗaka. A ba direban motar farko hannu da hannu, a ce masa ta mutuwa ce." Ta haɗa masa da kuɗin Napep daga jakarta.

Tsohon ya ajiye kofin, ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. "Na gado na bakwai?"

"Shi."

"Allah ya sa ya huta. Ba sa tashi sai rana ta ɗaga, ɗiyata, kin san hanyar. Amma kafin azahar ta isa."

Ƙarfe takwas saura ta miƙa wa ta safe rahoton dare, gado bayan gado. Da suka zo na bakwai ta ba ta ƙullin kayan, ta ce in wani dogon saurayi mai shuɗiyar riga ya zo yana tambaya, kada a bari ya ji a bakin 'yan baranda, a zaunar da shi tukuna.

Tana saukowa daga matakala, mayafi a kafaɗa, ta hango shi ya shigo ƙofar asibiti da sauri, ƙafafunsa fari fat da ƙura, hannu ɗaya dafe da aljihun gaba. Ya gan ta ya washe baki.

"Sista, ina kwana? An samu, wallahi an samu. Ya mai jiki?"

Ta ajiye jakarta a kan benci.

"Malam Lawal, zo ka zauna nan."