Yau ga ni ga Rabi a Damagaram

Alhamdulillahi. Wadda kuke gani a damana a hoton farko, mai shuɗin mayafi, ita ce Rabi. E, Rabin da na ishe ku da zancenta, wadda wasunku suka ce anya ma akwai ta kuwa. To ga ta nan, da ranta da lafiyarta, kuma ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba, abin da babu wanda ya taɓa gaya mini. Kullum a zaune take in muna kiran bidiyo, kai da kafaɗa kawai nake gani, sai na ƙaddara 'yar gajeruwa ce irina. Da ta taso daga kan benci a tasha sai da na ɗaga kai.

Ga waɗanda ba su san mafari ba: a 2020 muka haɗu, lokacin kullen korona, a wani zauren WhatsApp na mata masu ɗinki. Kano a rufe, azumi ya kama, ga kayan sallar mutane jibge a ɗakina. Na ɓata wuyan wata riga, na tura hoton ina neman agaji. Kowa ta yi shiru sai wata lamba mai farawa da +227, ta turo mini saƙon murya mai tsawo, tana bayani dalla-dalla, ƙarar kekenta na tashi a bayanta. A ƙarshe ta ce, "In bai yi ba ki kira ni, ban kwana da wuri." Rigar ta gyaru. Kiran kuma har yau ba mu daina ba.

Tsakanin Kano da Damagaram bai kai kilomita 250 ba. Mutum zai iya karyawa a gida ya yi la'asar a can. Amma duk sanda muka sa rana sai wani abu ya gitta. Farko iyaka a rufe take, tun rufewar da Najeriya ta yi a 2019, ga korona ta zo ta ɗora nata. Da aka buɗe, ni ke da tsohon ciki. Da na yaye Halilu muka ce to bana kam sai mun ga juna, sai ga juyin mulkin Yulin 2023, aka sake garƙame iyaka, aka yanke wutar da ke zuwa musu daga Najeriya. Wannan lokacin ya fi kowanne ci mini rai. Sai in tura saƙo ya kwana ya wuni da alama ɗaya, ban sani ba ko caji ne babu ko wani abu ne ya faru. In ta samu ta kai wayar wajen mai caji, abin da take fara turowa shi ne, "Muna lahiya, kar ki tashi hankalinki." Sai a Maris na 2024 hanya ta buɗe.

A cikin shekarun nan ta raka ni abubuwa da yawa daga nesa. Daren da aka kwantar da Babanmu a asibiti, ita ce a kunnena har aka kira assalatu. Ni ma na san ranar da aka kawo kuɗin aurenta, na san kalar labulen ɗakinta, da ni aka zaɓa. Bikin ne Allah bai nufa na je ba. Shi ya sa da ta haihu makon jiya, mijinta ya kira Abban Halilu ya ce suna ranar Alhamis, ban ma tsaya shawara da kowa ba na fara haɗa kaya.

Mun tashi daga tashar Ƙofar Ruwa da sassafe, muka bi Kazaure, Daura, muka tsallaka ta Kongolam, sai Matamaye. Shingayen hanya kam ba a magana, a sauka a nuna takarda a koma mota, har Halilu ya haddace, da an tsaya sai ya ce, "Umma, kati." Kuɗi kuma na canza su tun a iyaka, amma lissafin dala da jaka ya gagare ni, sai na miƙa wa Abban Halilu jakar na ce ya ji da shi.

Ban zaci za ta zo tasha ba. Mai jego ce, ko suna ba a yi ba. Ashe rigima ta tayar a gida har Inna ta gaji ta ce a kai ta a mota, ta ɗauko baƙuwarta ta dawo, kar ta kuskura ta sha iska. Duk maganganun da na tanada a hanya babu wadda ta fito. Na ce, "Rabi?" Ta ce, "Zainabu, ke ce haka?" Shi ke nan, sai kuka, mutane na kallonmu, wani mai shayi yana ta cewa a yi haƙuri, ya zaci rasuwa aka yi.

Hoto na uku shi ne wanda na fi so, ko da yake ya ɗan yi duhu. Inna ce, mahaifiyarta, riƙe da hannuna a tsakar gida. Ban gama durƙusawa ba ta ɗago ni ta ce, "Ɗiyata, ya ƙafar mahaifiyarki? Ta daina kumburin?" Daga nan yara suka kewaye Halilu suna kiran sunansa tun ba a gabatar da shi ba. Ƙanwar Rabi ta kawo fura ta ce ba a sa sukari ba, an san ba na sha. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta leƙo ta ce, "Wannan ita ce ta Kanon?" Ni a tunanina mutum ɗaya na sani a garin nan. Ashe Rabi ta daɗe tana raba labarina gida-gida, har da wanda ban so a sani ba, don kowa ya ji zancen wuyan rigar nan.

Akwai abubuwan da waya ba ta taɓa nuna mini ba. Rabi ta waya mai surutu ce, ta gida kuwa ba ta cika magana ba, da ido take juya ƙannenta. Tana taɓa kafaɗar mutum in za ta yi dariya. Kekenta da na saba jin ƙararsa ashe a bakin taga yake, ƙafa ɗaya an tallafe ta da guntun katako. Na kuma ga yadda ake tattalin ruwa a garin nan, ba a zubar da ko na wankin hannu sai an ba shuka, na tuna sau nawa ta ce mini "bari in je, ruwa ya zo" ta katse kira ina mita.

Da safiyar Alhamis, bayan an yi addu'a an raba goro da dabino, sai na ji mata sun ɗau guɗa suna dubana. Zainabu aka sa wa yarinyar. Kowa a gidan ya sani, har Abban Halilu, aka haɗa baki aka ɓoye mini. Rabi, wannan ban san da bakin da zan gode miki ba. Allah Ya raya mini takwarata, Ya sa ta yi tsawonki, ta yi haƙurin Inna. Hoto na huɗu ni ce da ita, kar wanda ya tambaye ni dalilin jan idona.

Jiya Baba, mahaifin Rabi, ya sa aka zaga da mu cikin Birni, muka ga fadar Sarkin Damagaram da manyan duwatsun nan da gidaje suka kewaye, yana ta jaddada wa Abban Halilu cewa nan ne babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Mun leƙa kasuwar Dole, na sayi atamfa, Rabi na gida tana aiko mini saƙon kar in yarda da farashin farko.

Matan zaurenmu na ɗinki, ga amanarku na isar, na rungume ta sau ɗaya a madadin kowacce. Gobe in sha Allahu za mu kamo hanya. Inna ta yi alkawarin in an yi arba'in za ta bar Rabi ta zo Kano, kuma na riga na gaya mata ba a ɗakin baƙi za ta sauka ba. Masu saƙon alkaki da kilishi kuma ku yi haƙuri, jaka ta cika da kayan da Inna ta haɗa wa Hajiyarmu, abin da ya samu shiga shi za a raba.