Zuwa ga Inna, a Ranar Iyaye Mata

Assalamu alaikum Inna, da fatan kin tashi lafiya, kuma ciwon gwiwar ya yi sauƙi.

Yau na ji a rediyo ana cewa ranar iyaye mata ce, mutane suna ta kira suna gaishe da iyayensu. Na ɗauki waya sau biyu ina ajiyewa, domin na san da zarar kin amsa, abin da zai fito daga bakina bai wuce in tambayi lafiyarki da ta mutanen gida ba, sannan mu yi shiru har ki ce a gai da yara. Shi ya sa na rubuta, na roƙi Auta ta karanta miki bayan la'asar, kuma na gargaɗe ta kada ta yi dariya.

Ni ne ɗanki na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinki ba, ko kallona ba kya yi idan akwai mutane. Ina yaro nakan ɗauka ƙannena kika fi so. Sai da na girma na tuna cewa a lokacin hunturu, kafin a kira assalatu, kullum akwai ruwan zafi a bakin ƙofar ɗakina, kuma ban taɓa ganin wanda ya ajiye shi ba. Na tuna daren da ake suyar ƙuli-ƙuli hayaƙi ya sa idanunki suka yi ja, da yadda kika kwashe adashinki gaba ɗaya kika ba Kawu ya biya mini kuɗin jarrabawa, kika ce kada ya faɗa mini daga inda suka fito. Ya faɗa mini, Inna, tun a ranar. Ban yi godiya ba domin ban san ta inda zan fara ba.

Ranar da zan bar Daura zuwa Katsina karatu, iyakarki zaure, kika ce Allah ya tsare, kika juya. Sai da muka kai Mashi na buɗe jakata na tarar da dambun nama ƙulle a cikin tsohon ɗankwalinki. Ɗankwalin yana nan a wurina har yanzu.

Ina neman gafararki kan duk ɓacin ran da na jawo miki, wanda na sani da wanda ban sani ba. Bayan kowace salla ina karanta muku addu'ar da ke cikin Suratul Isra'i, aya ta 24, ke da marigayi Baba. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya ba ni ikon kai ki Makka.

Na ba direba turmin atamfa da man zafi ya kawo miki. Ranar Juma'a in Allah ya yarda zan zo da yaran, kuma don Allah kada ki wahalar da kanki da girki.

Ɗanki na fari,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.