Ƙarancin sinadarin G6PD: bayani ga iyayen yaron da gwaji ya nuna yana da shi

Jajayen ƙwayoyin jini suna da wani sinadari, G6PD, da ke kare su daga gubar wasu magunguna da abinci. Na ɗanku bai kai yadda ake buƙata ba. Lafiyarsa ƙalau, ba kuma sikila ba ce. Sai ya haɗu da abin da jininsa ba ya ɗauka ne ƙwayoyin suke farfashewa, jini ya ragu cikin kwana 1 zuwa 3.

Gadonsa ake yi, ba a ɗauka a wajen wani. Ɗa namiji daga mahaifiya yake samu, ita kuwa galibi ba ta san tana da shi ba. Saboda haka a gwada sauran 'yan'uwansa, musamman maza.

Abincin da aka fi jin tsoro shi ne ful, waken nan mai faɗi da ake karya kumallo da shi a Sudan, Masar da Saudiyya. Mai zuwa Hajji ko Umara da yaron ya kula, mai shayarwa ma kada ta ci. Wakenmu na gida, na ƙosai da alala, ba shi da laifi.

A ɓangaren magani, a kiyayi firimakwin da dafson da nitirofurantoyin na ciwon mafitsara. Saftirin da asfirin sai da izinin likita. Farasitamol daidai awo ba komai. Duk inda za a rubuta masa magani, ko a kemis ne, ku fara cewa yana da ƙarancin G6PD.

Abin da ya fi kawo jarirai asibiti yana cikin ɗakin mai jego: kafur da ake sa wa a akwatin kaya. Ta fata da numfashi yake shiga, don haka ku fitar da shi, ku wanke kayan kafin a sa wa jariri. Kada a shafa masa lalle, ko hoda da man zafi masu mantoli. Zazzaɓi mai tsanani, kamar taifot ko ciwon huhu, shi kaɗai ma yana iya tayar da matsalar.

Ku kawo yaron asibiti a ranar, ko da dare ne, idan fitsarinsa ya yi duhu kamar baƙin shayi, idonsa ya yi rawaya, tafin hannunsa ya yi fari, ko yana haki da kasala. Ku dakatar da abin da kuke zargi, ku taho da kwalin. Wani yaron ruwa kawai za a ƙara masa, wani sai an ƙara jini.

Cutar shawara a jikin jariri ba ta jira. Idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar kurumta ko naƙasa. Shanya shi a rana da ba shi ruwan gulukos ba magani ba ne. Fitila ta musamman ake sa shi a ƙarƙashinta.

Gwajin da aka yi ana cikin ciwo, ko bayan ƙarin jini, yakan nuna kamar babu komai. Irin wannan sai a maimaita bayan wata 3.